Idan Alƙaluman Makon Jiya Sun Sauya: Wasiƙar da Manajan Reshe Ke Bukata

A kamfanoni masu rassa da yawa, irin su manyan dillalan kayan masarufi, kantunan magani, gidajen mai da ƙananan bankuna, akwai takardar da kowane manajan reshe ke jira da safiyar Litinin, wato rahoton mako. Ba mutum ke zama ya rubuta shi ba. An tsara kwamfutar hedkwata ne ta tattara cinikin da aka yi daga Litinin zuwa Lahadi, ta haɗa lissafi, ta aika wa kowane reshe nasa. Da wannan rahoto manaja ke sanin ko ya cika adadin da aka ɗora masa, da shi yake yin odar kaya, da shi yake yaba wa ma'aikatansa ko ya yi musu faɗa, kuma sau da yawa da shi ake lissafa ladan da za a ƙara masa a kan albashi.

Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne a ce manaja ya buɗe rahoto ya tarar adadin wani mako da ya wuce, wanda ya riga ya buga a takarda ya ajiye a fayil, ya zama wani daban. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ko dai kwamfuta ta lalace, ko kuma wani a hedkwata yana yi masa zagon ƙasa. Galibi ba ko ɗaya daga ciki. An gyara kuskure ne a cikin bayanan da rahoton ke ɗebowa. Amma ba zai san haka ba sai an gaya masa, kuma yadda aka gaya masa shi zai sa ya ci gaba da yarda da rahoton ko ya koma ajiye nasa littafin a aljihun tebur.

Kafin a zo kan wasiƙar, sai an fahimci dalilin da ke sa adadin da ya wuce ya iya motsawa. Yawancin irin waɗannan rahotanni ba sa ajiye jimilla. Abin da ke ajiye a hedkwata shi ne kowane ciniki ɗaya bayan ɗaya: lambar rasit, rana, reshe, irin kaya, yawansu, kuɗinsu. Duk lokacin da rahoton zai fita, sai kwamfuta ta koma kan waɗannan layuka ta sake haɗa su tun daga farko. Kamar mai awo ne da ba ya rubuta mudu nawa ke cikin buhu, duk sanda aka tambaye shi sai ya zazzage ya sake aunawa. In an tsince tsakuwa daga cikin hatsin tsakanin awon farko da na biyu, dole amsarsa ta sauya, alhali mudunsa bai canza ba. To rahoton mako yakan nuna makon da ya ƙare tare da makonni huɗu ko takwas da suka gabace shi don kwatantawa, kuma dukkansu sabon awo ake yi musu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na misali ne, amma irin kurakuran su ne waɗanda ake cin karo da su kullum. A ce wani kamfanin sayar da shinkafa, man girki da sukari a sari yana da rassa a Gusau da Funtua, hedkwatarsa na Kano. An ɗora wa reshen Gusau cinikin naira 18,000,000 a mako. A makon da ya fara Litinin 3 ga wata ya ƙare Lahadi 9 ga wata, rahoto ya nuna reshen ya yi naira 18,400,000. Manaja ya tara ma'aikata ya yi musu albishir. Mako na gaba ya zo da naira 17,300,000, ya ga kamar kasuwa ta ja baya da fiye da miliyan ɗaya, ya shiga neman dalili.

Ana cikin haka akantan hedkwata ya zauna daidaita rahoton da takardar banki, sai ya ga kuɗin da suka shigo daga Gusau a wancan makon na farko naira 17,150,000 ne. Giɓin naira 1,250,000 ke nan. A irin wannan yanayi ido kan fara sauka ne a kan kashiya, kuma an sha zargin mutanen kirki a kan laifin da ba nasu ba. Da aka bi layukan ciniki ɗaya bayan ɗaya, sai aka gano abubuwa uku.

Na farko ya faru ranar Laraba 5 ga wata, lokacin da sabis ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Na'urar reshe takan aika kowane ciniki hedkwata, sannan ta jira amsar cewa ya isa. In amsar ba ta zo ba, sai ta ɗauka bai isa ba ta sake aikawa. A ranar, saƙon na isa lafiya, amsar ce ke ɓacewa a hanya. Ya kamata kwamfutar hedkwata ta ƙi karɓar lambar rasit ɗin da ta riga ta gani, amma ba a sa mata wannan shingen ba. Rasit 14 suka shiga sau biyu, kuɗinsu naira 900,000. Wannan kuskuren bai tsaya a kan ciniki ba. Tunda kowane ciniki na rage kayan sito a lissafin kwamfuta, an rage kayan waɗannan rasit ɗin sau biyu, sai kwamfuta ta riƙa nuna buhunan da ke sito ba su kai yadda suke a zahiri ba. Manajan da ya yi oda bisa wannan lissafi ya sayo kayan da bai bukata.

Na biyu ya shafi kayan da aka maido. Kamfanin ya ƙirƙiro sabuwar lamba ta shigar da kayan da abokin ciniki ya dawo da su saboda lalacewa, aka fara aiki da ita ranar 3 ga wata. Ma'aikatan Gusau sun yi amfani da ita daidai yadda aka umarce su. Sai dai ba a sanar da rahoton wannan sabuwar lamba ba, ya ci gaba da cire abin da ke ƙarƙashin tsohuwar kawai. Jarkunan man girki na naira 500,000 da aka maido, aka kuma mayar wa mai su kuɗinsa, suka ci gaba da zama a matsayin ciniki.

Na uku ƙarami ne, kuma shi a kan reshen ya faɗa. An dawo da wani ma'aikaci daga Funtua zuwa Gusau, amma sunansa a kwamfuta yana maƙale da tsohon reshensa har washegari. Rasit uku da ya yanka ranar Litinin, na naira 150,000, suka tafi lissafin Funtua.

In an cire naira 900,000 daga 18,400,000, saura 17,500,000. A cire 500,000, saura 17,000,000. A ƙara 150,000, an samu 17,150,000, daidai da abin da banki ya nuna, tunda a misalinmu ba a ba da bashi a makon ba. Wannan haɗuwar ita ce babbar shaidar cewa gyaran ya cika. Da an gama gyara aka ga saura ko da naira dubu ashirin ba ta da bayani, to akwai kuskure na huɗu da ba a gano ba, ko kuma an cire abin da bai kamata a cire ba.

A nan akwai tarkon da ya kamata duk mai gyaran bayanai ya kiyaye. Wajen cire cinikin da ya shiga sau biyu, lambar rasit ake bi, ba kamannin ciniki ba. A kasuwar sari ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa ɗaya ya sayi buhu goma da safe, ya ga kasuwa ta karɓa, ya dawo da azahar ya ƙara goma a kan farashi ɗaya. Wanda ya goge duk layin da sunan mai saye, kaya da kuɗi suka yi daidai da wani, zai goge halastaccen ciniki, ya bar reshe da kuɗi a banki da ba su da rasit. Kuma ba a goge layi a watsar. Ana yi masa alama ce cewa an soke shi, da sunan wanda ya soke, da rana, da dalili, don odita ya iya bin sawu ko bayan shekara.

To ga yadda wasiƙar za ta kasance. Ranar Alhamis 20 ga wata ake aika ta, kafin rahoton Litinin 24 ya fito da sabon adadin.

Zuwa ga Manajan Reshen Gusau.

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, na rubuto ne in sanar da kai cewa a rahoton da zai zo maka ranar Litinin 24 ga wata, za ka ga cinikin makon 3 zuwa 9 ga wata ya koma naira 17,150,000, maimakon naira 18,400,000 da ka gani a baya. Ragin naira 1,250,000 ke nan. Sabon adadin shi ne daidai, kuma ya yi daidai da kuɗin da reshenka ya kai banki a makon.

Dalilai uku ne suka kawo sauyin. Rasit 14 na ranar Laraba 5 ga wata sun shiga kwamfutarmu sau biyu sakamakon yankewar sabis, mun soke maimaicin, naira 900,000 suka fita. Jarkunan man girki na naira 500,000 da aka maido, waɗanda ma'aikatanka suka shigar daidai da sabuwar lamba, rahotonmu bai cire su ba, yanzu ya cire. Sannan rasit uku na ranar 3 ga wata, na naira 150,000, sun tafi lissafin Funtua bisa kuskure, mun maido maka su. Na haɗo maka lambobin dukkan rasit ɗin don ka duba da kwafin da ke hannunka.

Babu kuɗin da suka ɓata, kuma babu laifin kashiya ko wani ma'aikacinka a cikin wannan. Kurakuran daga tsarinmu na nan hedkwata suke. Mun bincika makonni takwas da rahoton ke nunawa, wannan makon kaɗai abin ya shafa. Adadin makon 10 zuwa 16 yana nan a naira 17,300,000, wato cinikinka ƙaruwa ya yi da naira 150,000 a kan makon da ya gabace shi, ba raguwa ba.

Akwai abubuwa biyu da gyaran ya taɓa. Lissafin kayan sito ya ƙaru da kayan rasit 14 ɗin nan, don haka ina roƙonka ka sa a ƙirga shinkafa da sukari kafin ka aiko da oda ta gaba. Sannan da sabon adadin, makon bai kai naira 18,000,000 da aka ɗora wa reshen ba, saura naira 850,000. Maganar ladan makon ba a hannuna take ba. Na sanar da shugaban sashen ciniki tare da bayanin cewa kuskuren namu ne, shi zai tuntuɓe ka.

Mun sa kwamfuta ta daina karɓar lambar rasit ɗaya sau biyu, mun kuma shigar da sabuwar lambar maido da kaya cikin rahoton. In ka ga wani rasit a cikin jerin da kake ganin ba maimaici ba ne, ka kira ni kai tsaye mu duba tare kafin Litinin. Na gode. Wassalam.

Daga jami'in kula da bayanai, Hedkwata, Kano.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne inda adadin ya zauna. Yana cikin sakin layi na farko, tsoho da sabo da bambancinsu, da makon da ake magana a kai. Al'adarmu ce mu yi shimfiɗa kafin mu faɗi labari mara daɗi, kuma gaisuwa tana da muhallinta. Amma manajan da ya karanta sakin layi uku a kan aikin inganta tsari kafin ya ga cewa miliyan ɗaya da kwata ta fita daga cinikinsa, zai ji kamar ana kewaye-kewaye ne don a ɓoye masa wani abu.

Zuciyar wasiƙar kuwa ita ce sakin layi na biyu, inda aka bi da shi daga tsohon adadi zuwa sabo, naira bayan naira. A ganina duk wasiƙar da ba ta da wannan ba ta yi bayani ba, sanarwa kawai ta yi. Jimlar da aka fi gani a irin waɗannan saƙonni ita ce, an samu 'yar matsala a kwamfuta amma an gyara. Wannan ba ta ba manaja abin da zai kama ya gwada da hannunsa. Ya yarda da tsohon adadin don kwamfuta ce ta faɗa, yanzu ana so ya yarda da sabon don kwamfutar ce dai ta faɗa. Amma in an ba shi lambobin rasit 14, zai jawo fayil ɗin ranar Laraba, ya ga kowanne kwafi ɗaya ne a hannunsa, ya gamsu da kansa. Shi ya sa kuma ba a dunƙule dalilan wuri ɗaya. Da an ce masa kawai an rage naira 1,250,000 saboda rasit ɗin da suka maimaitu, zai haɗa kuɗinsu ya samu 900,000, daga nan ya daina yarda da sauran maganar gaba ɗaya. Har ƙaramin gyaran da ya ƙara masa naira 150,000 dole a faɗe shi, ko don lissafin ya rufe.

Faɗin abin da bai sauya ba yana da nauyi daidai da faɗin abin da ya sauya. Manajan da aka gaya wa mako ɗaya ya motsa zai fara shakkar duk takardun da ke fayil ɗinsa. Shi ya sa aka gaya masa iyakar makonnin da aka bincika da wanda abin ya shafa. Sharaɗin dai a yi binciken da gaske. In makonni takwas aka duba, a ce takwas, kada a ce komai lafiya. Haka nan wanke kashiya ba ladabi ba ne kawai. A wurin da giɓin kuɗi ya bayyana, magana takan riga bincike yawo, kuma rubutacciyar shaida daga hedkwata ce za ta iya tsayar da ita.

Wannan batu na adadi ya sauya alhali abin da ke ƙasa bai motsa ba, ya taɓa faruwa da Najeriya baki ɗaya. A watan Afrilun 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ƙarƙashin Dakta Yemi Kale ta sauya shekarar da take gina lissafin tattalin arziki a kanta daga 1990 zuwa 2010, ta yadda sassa irin su sadarwar wayar hannu da harkar finafinai suka samu nauyin da ya dace da su. Nan take ƙiyasin arzikin da ƙasar ta samar a 2013 ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, Najeriya ta wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihunsa. Ma'aunin ne aka gyara, kuma duk wanda ya kwatanta sabon adadi da na tsohon ma'auni zai ga bunƙasar da ba a yi ba. Irin wannan ruɗin ne ya sa manajan Gusau ya ga faɗuwar naira 1,100,000 a makon da cinikinsa ya ƙaru. Don haka bayan gyara, sai a sake fitar da duk makonnin da ake kwatantawa a kan ma'auni ɗaya, a rubuta ranar gyaran a saman rahoton, tsohon kuma a ajiye shi da alamar cewa an maye gurbinsa.

Ba kullum gyara ke rage adadi ba. A watan Oktoban 2020, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba bai shiga rahoton kullum ba, saboda ana zuba bayanan a tsohon nau'in fayil na Excel wanda layukansa ba sa wuce 65,536. Abin da ya haura haka ya riƙa zubewa ba tare da an lura ba. Da aka maido da su, adadin kwanakin da suka biyo baya ya yi tsalle, kuma mafi muni, an makara wajen neman waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar. A nan ake ganin cewa ɓarnar adadi mara kyau tana cikin shawarwarin da aka yanke, ko aka kasa yankewa, a kansa. Wannan ne dalilin sakin layi na huɗu a wasiƙarmu. Mai rubutu ya tambayi kansa me manaja ya riga ya aikata bisa tsohon adadin, ya samu amsa biyu, odar kaya da maganar lada, ya faɗe su duka.

Maganar ladan ita ce mafi wuya, kuma nan ne masu rubutu suka fi zamewa. Wani zai yi shiru a kanta yana fatan manaja ba zai lura ba, alhali ita zai fara lissafawa. Wani kuma, don tausayi, zai ce kada ka damu ba za a taɓa ladanka ba, alhali ba shi ke da ikon ba. Abin da ya dace shi ne a faɗi gaskiyar lissafin, a ambaci mai yanke hukunci, a tabbatar shi ma ya san daga ina kuskuren ya fito.

Wani lokaci ba a gama bincike ba rahoton Litinin zai fita. A irin haka ba a jira. Ana rubuta wa manaja abin da aka tabbatar, a gaya masa cewa adadin na wucin gadi ne, a faɗi ɓangaren da ake kan dubawa da ranar da zai ji sakamako. Abin da ke kashe amana shi ne a ce masa an kammala, sannan bayan mako guda adadin ya sake motsawa.

Aikin kuma bai ƙare da Gusau ba. Naira 150,000 da aka maido wa wannan reshen daga lissafin Funtua suka fita, don haka manajan Funtua ma zai ga nasa makon ya ragu ranar Litinin. Shi ma a rubuta masa tasa wasiƙar a rana ɗaya, da lambobin rasit ukun, da bayanin cewa kuɗin tun asali a akwatin Gusau aka karɓe su, shi ya sa ba za su bayyana a takardar bankinsa ba.